Inda kintace ke tsayawa, da inda Lagrange ke wucewa

Idan aka rataya nauyi a jikin sifirin, aka ja shi ƙasa aka saki, zai riƙa hawa da sauka da wani sauri nasa na kansa. Idan kuma wani ƙarfi daga waje yana tura shi a kai a kai, motsin zai zama gamin gambizar abu biyu: halinsa na asali da amsar da yake bai wa mai turawa. Masana lissafi suna rubuta wannan da ikweshan mai mataki biyu, kamar y'' + 4y = cos t. A nan y nisan nauyin ne daga mazauninsa, t lokaci ne, y' saurinsa, y'' kuma yadda saurin yake sauyawa. Abin da ke dama da alamar daidai shi ne turawar.

Matakin farko ɗaya ne ga kowa. A cire turawar, a warware y'' + 4y = 0. Amsar ita ce C₁cos 2t + C₂sin 2t, wato motsin asali, kuma lambar 2 ɗin nan ita ce saurin kaɗawarsa. Sauran aikin shi ne nemo amsa guda wadda za ta ɗauki nauyin turawar, kuma nan ne hanya ta rabu biyu.

Ta farko kintace ce, amma mai hujja. Tunda turawar cos t ce, sai a ce amsar za ta yi kama da ita: y = A cos t + B sin t, inda A da B lambobi ne da ba a tantance ba tukuna. Idan aka sa wannan a ikweshan, ɓangaren hagu zai zama 3A cos t + 3B sin t. Domin ya yi daidai da cos t, dole A ta zama 1/3, B kuma 0. Shi ke nan, amsa ta fito: (1/3)cos t, cikin layi uku. Dalilin da ya sa dabarar ke ci shi ne cos da sin ba sa fita daga danginsu. Duk yadda aka bi saurin sauyawarsu, junansu suke haifa. Haka eᵃᵗ take, haka irin su t² + 3t suke. Sharaɗi na biyu shi ne lambobin da ke gaban y'', y' da y su kasance tsayayyu, ba masu sauyawa da t ba.

Yanzu a sauya abu ɗaya tak. A mayar da turawar cos 2t, wato saurinta ya zo daidai da saurin motsin asali. Ɗalibi zai rubuta A cos 2t + B sin 2t, ya sa a ikweshan, sai ya ga komai ya share kansa, an bar shi da 0 = cos 2t. Da yawa sukan ɗauka sun yi kuskuren alama, su sake daga farko. Babu kuskure. Abin da suka kintata shi ne ainihin motsin asali, wanda aikinsa ke nan ya ba da sifili. Wannan hali shi ake kira rezonans, kuma ana iya hango shi tun kafin a fara, idan aka kwatanta kintacen da amsar matakin farko.

Maganin da ake koyarwa shi ne a ninka kintacen da t. A ɗauki y = t(A cos 2t + B sin 2t). Wannan karon hagu zai ba da −4A sin 2t + 4B cos 2t, don haka A = 0, B = 1/4, amsa kuma (t/4)sin 2t. Wannan t da ke gaba tana nufin girman kaɗawar yana ƙaruwa da tafiyar lokaci: a t = 4 iyakar kaɗawar 1 ce, a t = 40 ta kai 10. Mai tura yaro a lilo ya san haka a aikace, domin turawa kaɗan-kaɗan a daidai lokacin da ya dace ita ke ɗaga lilon sama. Ana ma iya ganin abin yana tahowa. Idan turawar cos ωt ce, girman amsar 1/(4 − ω²) ne. A ω = 1 kashi ɗaya ne cikin uku, a 1.9 ya haura 2.5, a 1.99 ya kai wajen 25.

Abin da ke damuna da koyar da "a ninka da t" shi kaɗai shi ne ɗalibi yana haddace shi kamar umarni, bai san inda t ɗin ta fito ba. Hanya ta biyu ce ke nuna masa. Leonhard Euler ya fara amfani da tunanin wajen nazarin tafiyar duniyoyi, Joseph-Louis Lagrange kuma ya daidaita shi a ƙarni na 18. Cewa aka yi: tunda C₁ da C₂ tsayayyu ne idan babu turawa, to idan turawa ta zo a bar su su riƙa sauyawa. Sai a rubuta y = u₁y₁ + u₂y₂, inda y₁ = cos 2t, y₂ = sin 2t. Bayan ɗan aiki ana samun u₁' = −y₂g/W da u₂' = y₁g/W. Harafin g shi ne turawar, W kuma shi ne y₁y₂' − y₂y₁', wanda aka sa wa sunan masanin nan ɗan Poland, Wroński. A misalinmu W = 2.

To a duba da kyau abin da ke faruwa. u₂' = (cos²2t)/2. Lamba idan aka ninka ta da kanta ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, saboda haka u₂ ba ta da damar raguwa, sai dai ta tara. Matsakaicin cos² rabi ne, don haka idan aka tara, u₂ = t/4 + (sin 4t)/16. Ga t ɗin ta fito da ƙafarta, ba wanda ya cusa ta. Ita kuwa u₁' = −(sin 4t)/4 tana hawa tana sauka, abin da ta samu tana mayarwa, sai u₁ = (cos 4t)/16. Idan aka haɗa, ana samun (t/4)sin 2t + (cos 2t)/16. Wannan ɗan ragowar yakan firgita ɗalibi, ya ga amsarsa ta saɓa da ta littafi. Ba ta saɓa ba, domin cos 2t motsin asali ne, C₁ za ta haɗiye shi.

Akwai kuma wuraren da kintace ba ta shiga sam. A y'' + y = tan t, duk lokacin da aka bi saurin sauyawar tan sai wani sabon abu ya ɓullo, dangin ba ya ƙarewa, babu abin da za a kintata. Hanyar Lagrange tana ba da −cos t · ln|sec t + tan t|. Tana aiki ko da lambobin gaban y'' da y' suna sauyawa, muddin an riga an san y₁ da y₂. Kuɗin da ake biya shi ne intigiral biyu, waɗanda wani lokaci ba sa warwaruwa da hannu. Tarkonta kuma sananne ne: ƙa'idojin u₁' da u₂' sun ɗauka lambar gaban y'' ita ce 1. Wanda aka bai wa 2y'' + 8y = cos 2t bai raba ko'ina da 2 ba, amsarsa za ta ninka ta gaskiya sau biyu.

A ɗakin jarrabawa, idan turawar tana cikin dangin nan uku kuma lambobin tsayayyu ne, ni kintace zan zaɓa, bayan na kwatanta ta da motsin asali. Idan ta yi karo da shi a ninka da t. Idan kuma bayan ninkawar har yanzu akwai karo, kamar a y'' − 2y' + y = eᵗ inda eᵗ da teᵗ duka motsin asali ne, sai a tafi t², amsa ta zama (t²/2)eᵗ.

Girman da ke ƙaruwa ba iyaka kuwa a takarda yake. Kowane sifirin na gaske yana da goga da iska da ke cin ƙarfinsa. Idan aka saka wannan a ikweshan, ya zama y'' + cy' + 4y = cos 2t, kintacen farko ba ya ƙara yin karo, kuma amsar ita ce (1/2c)sin 2t. Kaɗawar tana tsayawa a 1/2c: idan c = 0.5 girmanta 1 ne, idan c = 0.01 ya kai 50. Shi ya sa da gadar Millennium ta Landan ta riƙa rangaji ƙarƙashin masu tafiya a ƙafa a watan Yunin 2000, gyaran da injiniyoyi suka yi kafin a sake buɗe ta a 2002 shi ne ɗaura mata na'urorin da ke shanye girgiza, wato suka ƙara girman c.