Kafin a zuba kuɗin asusu a kasuwar cikin salula

Ƴan uwa mata, idan mai manhajar saye da sayar da amfanin gona ya tsaya gaban ƴan kasuwar Dogonduci ko ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na Lugu yana neman jari, abu biyu zai jaddada: yawan masu amfani da manhajar, da kuɗin tafiyar da ita.

Zai ce mutum kaza sun yi rajista. To, rajista ba ciniki ba ce. Ku tambaye shi nawa ne suka sayar da wake ko gujiya ta cikinta a watan jiya, nawa kuma suka sake dawowa. Yawancinmu ƙaramar salula gare mu, karatun ma sai a hankali. Shi ya sa E-Kokari ta nan Nijar ta bi hanyar kiran murya da Hausa da Zabarmanci.

Sai lissafi. A ce buhun wake jika 30 ne, manhajar tana cire kashi 2 cikin 100, wato dala 120 kowane buhu. Idan albashin wakilai biyu, man babur da kuɗin kira sun ci jika 300 a wata, sai an sayar da buhu 500 kafin a mai da abin da aka kashe. Da kaka wataƙila a samu. Da bazara fa, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa? Ya faɗa muku wa zai biya albashin waɗannan watanni, kuma wa ke da asara in buhu ya isa Tibiri da ƙwari a ciki.