Kafin Iyaye Su Shiga Magana: Me Za Ka Faɗa Game Da Soyayyar Da Ta Wuce?

Tambaya guda tana yawan zuwa wurin fastoci da shugabannin zumuntar matasa: "Na tuba, Allah ya gafarta mini. Dole ne in gaya wa wadda zan aura abin da ya faru tsakanina da wata a dā?" Wasu sukan rufe kome, su ce tsohon abu ya shuɗe. Wasu kuma sukan zazzage kome tun makon farko, daga baya su ji labarinsu a bakin jama'a. Dukansu biyu suna jawo wa kansu baƙin ciki.

Ma'aunin da muke koyarwa shi ne wannan: duk abin da ya faru a dā, amma har yanzu yana da rai kuma zai bi ka cikin gidan aure, hakkin wanda zai aure ka ne ya san shi kafin ya ɗauki alkawari. Gafarar Allah tana share laifi sarai, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta koya mana. Amma ba ta share ɗan da aka haifa, ko sadakin da aka biya, ko cutar da ke cikin jini.

Abin da ba a ɓoyewa

Na fari, aure ko baiko na dā, ko da na gargajiya ne da aka yi a ƙauye ba tare da sanin ikkilisiya ba. Wannan ya wuce batun kunya. A dokar aure ta Najeriya, wanda yake da auren gargajiya da ba a warware ba, in ya je ya ɗaura auren rajista da wata dabam, sabon auren ba shi da inganci, kuma laifi ne da hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 5.

Na biyu, ɗa ko 'ya, ko cikin da ake zargin naka ne, da wanda yake riƙon yaron, da abin da kake aikawa.

Na uku, lafiyar jiki: cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta, da duk abin da likita ya ce zai iya shafar haihuwa. A 2024 maƙwabciyarmu Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, ikkilisiyoyi da yawa kuwa sun daɗe suna neman takardar gwaji. Gara mutum ya ji daga bakinka da ya gani a takardar asibiti. A tuna kuma, gwajin gaggawa yana iya kasa nuna ƙwayar cutar har wajen wata 3 bayan kamuwa, saboda haka wanda bai daɗe da rabuwa da wata ba ya faɗi gaskiya, a sake gwaji.

Na huɗu, igiyar da ba ta tsinke ba: bashi tsakaninku, hotunan da ke hannun wancan, ko kuwa tsohuwar budurwar tana cikin ƙungiyar mawaƙa ɗaya da ku.

Abin da ba ya gina kowa

Faɗin gaskiya dabam ne da ba da labari dalla-dalla. In an tambaye ka ko ka taɓa sanin mace, kada ka yi ƙarya. Afisawa 4:25 ta hana mu. Ka amsa a taƙaice: ya faru, a wane lokaci, yadda ya ƙare. Amma inda kuka kwana, da abin da kuka yi, da kwatanta wannan da waccan, ba su da amfani. Irin wannan hoto yakan zauna a zuciyar mai ji, ya fito ranar da aka yi faɗa bayan shekara goma. Ka tuna kuma asirin ba naka kaɗai ba ne. Wataƙila waccan 'yar'uwar tana gidan mijinta yanzu. In ba za su haɗu ba, babu dalilin kiran sunanta.

Lokacin da ya dace

Lokacin yana tsakanin abu biyu: bayan an furta niyyar aure a fili, kafin iyaye su kai gaisuwa. Kafin niyya ta bayyana, ba ka san ko mutumin yana riƙe amana ba. Bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, mai jin labarin ba shi da cikakken 'yancin cewa a'a, domin kunyar iyaye da kuɗin da aka kashe sun riga sun ɗaure shi. Amincewar da aka samu a wannan hali ba ta da nisa da abin da Laban ya yi wa Yakubu cikin Farawa 29, inda gaskiya ta fito bayan an gama biki.

Misali daga Limawa

A ce wani malamin makaranta yana zaune a Limawa cikin Dutse, iyayensa kuwa suna kudancin Kaduna. Shekara 6 da suka wuce ya yi wa wata yarinya ciki a garinsu. Iyayensa suka kai kuɗi gidansu, yaron yana wurin kakarsa, shi kuma yana aika kuɗin makaranta. Yanzu ya ga wata ma'aikaciyar jinya a ikkilisiyarsu, sun yi wata 4 suna tashi, ta kuma yarda ya turo iyayensa.

Zuciyarsa za ta ce masa gida da nisa, wa zai sani? Amma masu bi a Dutse ba su da yawa, da dama kuma ma'aikata ne da ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima da suka zo daga garuruwa irin nasa. Ranar da aka fara shelar aure a sujadar Lahadi, ba wuya a sami ɗan garinsu a zaune.

Matakinsa na fari shi ne ya kira mahaifinsa ya tambaya: "Baba, kuɗin nan da aka kai, sadaki ne ko na kula da ciki?" In sadaki ne, yana da mata a al'adance, kuma ba shi da ikon neman wata sai dattawan gidajen biyu da na ikkilisiya sun zauna a kan maganar. Na biyu, ya je wurin fasto shi kaɗai ya bayyana kome. Na uku, ya zauna da yarinyar ido da ido, da rana, inda ba mai jin su. Kada ya aika ta saƙon waya ko muryar da aka naɗa, gama abin da ya shiga waya yana iya zaga gari. Ya ce mata: "Kafin iyayena su zo gidanku, akwai abin da ya kamata ki sani. Ina da ɗa. Ga yadda ya faru, ga abin da nake yi masa. Kada ki ba ni amsa yau." Sa'an nan ya ba ta mako biyu ko uku ta yi addu'a, ta nemi shawarar matar fasto in tana so. Tana iya ƙi. Wannan hasara ce mai zafi, amma ta fi sauƙi a kan auren da aka gina bisa ɓoyo.

Ga mai jin labarin

Kana da ikon janyewa, amma ba ka da ikon tona asiri. Dubi Yusufu cikin Matiyu 1: da ya ga Maryamu da ciki, tun kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiya, ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye don kada ya kunyata ta. In kuwa ka ce ka karɓa, kada ka mai da abin makami a gaba. Ma'aunin kuma ɗaya ne ga namiji da mace. Wanda yake neman a yafe masa nasa, kada ya ƙi yafe nata.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa ba zunubinta za ta furta ba, rauni ne aka yi mata. Kada kowa ya tilasta ta. Ita za ta zaɓi lokaci, in ta ga dama da wata uwa cikin zumuntar mata a gefenta.

Ubangiji ya ba mu gidajen da aka kafa bisa gaskiya da alheri. Amin.