Gyaran wa'azi mai kyamara uku

Kafin malam ya fara, mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a idon dukkan kyamarorin. Wurin gyara, tafin zai fito kamar tsini a zanen sautin kowace kyamara. Idan aka jera tsinin, hotunan sun daidaita, sai a riƙe sautin makirfon malam kaɗai.

Daga nan a Premiere Pro ana kallon ukun tare, ana danna 1, 2 ko 3 don sauya kusurwa. Sauyin ya fi kyau inda malam ya numfasa, kada a yanke tsakiyar aya.

Waya ce mai matsala: saurin ɗaukarta yakan sauya, bayan awa guda leɓe ya saɓa da murya.