Gishirin da ba ya fitowa daga cokalin uwargida

Wani dattijo maƙwabcinmu a Yassa ya dawo daga asibiti da 'yar takarda, ya kawo mana mu karanta masa. An auna jininsa an sami 160 bisa 100, alhali ana so ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. Ma'aikaciyar da ke ba da shawarar abinci ce ta rubuta masa, ga abin da ta ce:

"Baba Alhaji, in za ka sayi abincin gwangwani ko na leda, juya bayansa ka nemi layin gishiri a giram 100. In ya wuce giram 1.5, mayar da shi. In bai wuce 0.3 ba, ɗauka. Abin da ke tsakani, a ci kaɗan. Kada ka bar shan maganinka."

Dattijon ya ce ai tuni uwargida ta rage gishiri a miya. To, amma akwai wanda aka riga aka zuba tun daga kamfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma har da na gwangwani a lissafin.

Ranar Asabar muka raka shi wani kanti a New Bell. A nan muka gane inda gizo ke saƙa. Wasu kayan an rubuta musu "Sel", wato gishiri da Faransanci, wasu kuwa "Sodium". Ba ɗaya ba ne. In na biyun ka gani, sai ka ninka sau biyu da rabi kafin ka sami gishirin. Gwangwanin sadin da muka ɗauka ya nuna sodiyam giram 0.4 a giram 100, gishiri giram 1 ke nan. Da yake nauyinsa giram 125 ne, wanda ya cinye shi duka ya ci giram 1.25, rubu'in rabonsa na yini, tun bai haɗa da burodi ba.

Dunƙulen magi ya fi ba mu tsoro. Ƙaramin mai giram 4, wajen rabinsa gishiri ne. Ashe in an jefa huɗu a tukunyar mutum huɗu, kowa ya ci kusan giram 2 kafin a taɓa cokalin gishiri.

Jama'a, a kula da abu guda. Akwai gishirin da ake sayar wa masu hawan jini, wanda aka haɗa da sinadarin fotasiyam. Mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini, kada su taɓa shi sai sun tambayi likita.

Yanzu dattijon ba ya shiga kanti sai da tabarau da takardarsa a aljihu. Allah Ya ƙara lafiya, amin.