Lemon tsami, man goge baki da bekin soda: maganin tabon da ke haifar da tabo

Duk abin da ya ƙona baƙar fata, ko ya sa ta kumbura, yana iya barin tabo. Da zarar fatar ta ji rauni sai ta ƙara fitar da sinadarin da ke ba ta launi, wurin ya yi duhu. Shi ya sa masu shafa lemon tsami don goge tabo sukan ƙare da wanda ya fi na da.

A saman fata akwai wani siririn rufi na maiƙo mai ɗan tsami-tsami, wanda ke riƙe danshi ya kuma tare ƙwayoyin cuta. A ma'aunin pH yana wajen 5. Ruwan lemon tsami kuwa yana wajen 2, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato tsaminsa ya ninka na fata kusan sau dubu.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. A ce budurwa ta goga lemon a kumatu da safe, ta fita kasuwa da rana tsaka. A cikin lemon, musamman ɓawonsa, akwai sinadaran da hasken rana ke tayarwa su ƙona fata. Ranar ba lallai ta ga komai ba. Bayan kwana 1 zuwa 2 sai zafi, wani lokacin har da bororo. Idan ya warke ya bar baƙin shati daidai inda ruwan ya bi, kuma yakan yi watanni bai gushe ba.

Bekin soda ɗan'uwan kanwa ne, pH ɗinsa ya haura 8. Yana wanke maiƙon nan, fuska ta bushe, ta yi ta saɓa. Man goge baki kuma don haƙori aka yi shi. Sanyin da ake ji na minti ne kawai, sinadarin kumfar cikinsa yana can yana cin fatar. Raɗaɗin da ake cewa “magani na aiki” alamar rauni ce.

Abin da ya fi sauƙi shi ne wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi, ba dirza. Ƙurji mai kumburi a ɗora masa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta na minti 5, kada a matse shi. Busasshiyar fata a shafa mata basilin ko man kaɗanya kaɗan tun tana da laima. Mai yawan maiƙo da ƙuraje ya taƙaita su. Zuma ko ruwan cikin ganyen alobera suna lafar da zafi, amma a fara gwadawa a hannu a jira kwana ɗaya. Su dai ba sa goge tabo. Lokaci da kare fuska daga rana ne ke dusar da shi.

Wanda ya riga ya ƙone ya daina shafa komai sai basilin. In akwai bororo ko mugunya, a tafi asibiti.