Takardar Gyaran Aiki: Wa'adin da Ma'aikaci Zai Iya Cikawa

A unguwar Durumi ta Abuja, wadda ke maƙwabtaka da Area 1 da Gudu, akwai makarantun kuɗi da otal-otal da shagunan sari masu yawa, kuma galibinsu ba su da wani jami'i na musamman mai kula da sha'anin ma'aikata, sai dai maigida ko manaja ya yi hukunci da abin da ya gani. Idan ma'aikaci ya fara gazawa, abin da aka saba shi ne a yi ta yi masa faɗa da baki har ranar da haƙuri ya ƙare, sa'an nan a sallame shi. Akwai hanyar da ta fi wannan kusa da adalci, ita ce a rubuta masa takardar gyaran aiki, wadda 'yan ofis ke kira PIP, a bayyana masa inda ya gaza, da matsayin da ake so ya kai, da taimakon da za a yi masa, da ranakun da za a zauna a duba.

Kafin a ɗauki alƙalami wajibi ne a rarrabe gazawa da ha'inci. Wanda ya ci amana ko ya ɗauki abin da ba nasa ba, nasa babin na takardar tuhuma ne da ladabtarwa. Takardar gyara kuwa ta wanda yake zuwa aiki ne da niyyar yi, amma aikin bai kai yadda ake bukata ba.

A ƙaddara wani shagon sarin kayan masarufi a Durumi yana da akawu uku masu rufe lissafin ciniki kowace yamma, ɗaya daga cikinsu kuwa lissafinsa ba ya cika daidaita da kuɗin da ke cikin akwati da na na'urar POS. Manaja mai gaggawa zai rubuta cewa wane ba shi da natsuwa, ya gyara halinsa cikin mako biyu. Wannan magana ba ta da amfani ga kowa, domin natsuwa ba abu ba ce da ake aunawa, kuma ranar da wa'adi ya cika babu hujjar da za a kafa cewa an samu ko ba a samu ba. Abin da ya kamata shi ne a koma ga littafin shago na watanni uku da suka wuce a ƙidaya. Sai a tarar, alal misali, cewa a kowane kwana 24 na aiki lissafinsa yana saɓawa a kwana 10, alhali abokan aikinsa biyu ba sa wuce kwana 2. Da wannan an sami abu biyu da dukan takardar za ta dogara a kansu: inda yake tsaye a yau, da inda aka tabbatar mutum irinsa yana iya kaiwa a wannan shago da waɗannan kayan aiki.

A nan ne mafi yawan masu rubuta irin wannan takarda suke kauce wa adalci, domin sukan ɗora wa mai rauni abin da gwanin cikinsu ma bai taɓa yi ba, su ce daga yau kada a sake ganin kuskure ko ɗaya. Duk takardar da ta nemi haka, sallama ce aka jinkirta, kuma ma'aikaci yakan gane haka tun daga layin farko, ya daina ƙoƙari ya fara neman wani wurin. Ma'aunin gaskiya shi ne kwana 2 na abokan aikinsa, kuma ba a tsalle ɗaya ake kai shi can ba. Idan aka fara ran Litinin 7 ga Yuli aka ba shi mako 12, sai a rubuta cewa a zaman 4 ga Agusta ana so saɓanin ya sauko zuwa kwana 6, a zaman 1 ga Satumba zuwa kwana 4, a zaman ƙarshe na 29 ga Satumba zuwa kwana 2. Tsawon wa'adi kuwa yana bin yanayin aikin ne: mai rufe lissafi kullum ana iya ganin canjinsa cikin wata guda, amma malamin makaranta ba a yi masa adalci ba in ba a ba shi zangon karatu cikakke ba. Haka nan a guji sanya wa'adin a makonnin jajibirin Salla ko ƙarshen Disamba, lokacin da ciniki ke ninkawa har gwanaye ma suna kuskure.

Sa'an nan takardar tana da ɓangare na biyu wanda ake yawan mantawa, wato alkawarin maigida. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa aikin da ladan su zama sanannu ga ɓangarorin biyu, kuma ba a ɗora wa mutum hisabin abin da ba a ba shi ikonsa ba. Saboda haka a rubuta wanda zai zauna da shi ya koya masa rufe lissafi a makon farko, da sunansa, kuma a rubuta yadda za a yi da ranar da aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, kuɗin wani mai saye bai shigo ba sai washegari. Irin wannan rana ba ta shiga ƙidayar kuskurensa. Sau da yawa ma, da an zauna an tambaye shi, sai a gano cewa shi kaɗai ake bar wa kanta a lokacin cunkoson yamma, a nan kuwa tsarin shagon ne ke bukatar gyara kafin akawun.

Ranakun zama amana ce a wuyan manaja. Kowane zama a kawo littafi, a ƙidaya tare, a saurari uzurinsa, a rubuta abin da aka samu a layi kaɗan, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In ya kai kwana 7 maimakon 6, ya matso ƙwarai daga 10, hankali ya hukunta a ci gaba; in kuwa yana nan a 10 bayan an cika masa alkawarin koyarwa, sai a gargaɗe shi a rubuce. Manajan da ya tsallake zama biyu sa'an nan ya fito ranar ƙarshe da takardar sallama, shi ne ya fara warware yarjejeniyar. Tun farko kuma a faɗi abin da zai biyo baya: a rufe maganar in ya cika, a ƙara masa mako 4 in ya kusa, ko a canza masa aiki, ko a rabu.

Doka ma tana kallon wannan. Tun gyaran Tsarin Mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba kyakkyawar al'adar aiki ta duniya. Shawara mai lamba 166 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta yi nuni da cewa kada a sallami mutum saboda gazawa sai an koya masa, an gargaɗe shi a rubuce, an kuma ba shi lokaci daidai gwargwado. In rabuwa ta zama dole, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ajiye mafi ƙarancin sanarwa ga waɗanda dokar ta shafa: mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata guda ga wanda ya kai shekara 5, sai dai in takardar ɗaukarsa ta ba shi fiye da haka.

Kai kuma ma'aikaci, in an miƙa maka irin wannan takarda, kada ka sa hannu sai ka ga adadi a cikinta, da ranakun zama, da abin da aka ɗauki alkawarin yi maka; in babu su, ka roƙa cikin ladabi a rubuta, kuma ka karɓi kwafinka.