Yadda ake rubuta wa mai haɗa katun gyaran da zai iya aiki da shi

Gyaran da ya fi wahalar da mai haɗa katun shi ne irin wanda ake cewa "motsin bai yi ba, a ƙara masa rai". Ba a faɗi wurin ba, ba a faɗi dalili ba, don haka sai ya yi ta lalube. A katun kuwa lalube na da tsada, domin a tsarin fim daƙiƙa ɗaya hotuna 24 ce, kowanne ana kiransa firam.

A ɗauki misalin wani yanki mai daƙiƙa 4, wato firam 96. Yaro ya fasa tulun mahaifiyarsa, sai ya ji takunta a zaure. Abin da labarin ke buƙata shi ne mai kallo ya ga tsoron yaron kafin uwar ta shigo. Darakta ya kalla ya ji wani abu bai zauna ba. Kafin ya rubuta komai, ya kamata ya bi yankin firam bayan firam, har ya gano inda tsoron ya ɓace. Sannan ya rubuta kamar haka:

"Faɗuwar tulun ta yi kyau, nauyinsa ya fito, a bar ta yadda take. Daga firam 40 zuwa 46 yaron ya dubi ƙofa ya sunkuya nan take, ban samu ganin fuskarsa ba. Ina son mai kallo ya san ya tsorata kafin Inna ta shigo a firam 70. Ko za a riƙe kallon ƙofar kamar firam 12?"

Firam 6 rubu'in daƙiƙa ne kacal, da kyar ido zai karanta fuska a cikinsa, 12 kuwa rabin daƙiƙa ne. Amma an sa shawarar a matsayin tambaya da gangan. Mai aikin na iya ganin cewa ɗaga kafaɗun yaron ya fi tsawaita kallon, kuma tunda ya san manufar, zai zaɓi hanyar da ta fi. Yabon tulun ma ba daɗin baki ba ne kawai: idan ba a ce a bar shi ba, yana iya taɓa shi wajen gyara.

Sai kuma lokacin gyaran. A matakin farko, inda aka jera manyan tsayuwar jiki kawai, a yi magana kan tsayuwa da saurin motsi, a ƙyale yatsu da kaɗawar riga, ba a kai gare su ba tukuna. Wanda ya jira har aka gama gogewa sannan ya ce yaron ya juya hagu maimakon dama, ya rusa aikin da aka ɗora a kai.

Manhajoji irin su SyncSketch suna ba da damar zana kibiya a kan firam ɗin da ake nufi. Idan babu, hoton allo da lambar firam ta WhatsApp sun wadatar, muddin mutum ɗaya ne ke tattara gyaran kowa ya cire masu karo da juna kafin ya tura.